Ka Canza Waya, Ofis Ya Daina Gane Ka

Ranar da mutum ya sayi sabuwar waya hidima ba ta ƙarewa. A kwashe lambobin jama'a, a dawo da WhatsApp, a tura hotunan biki da na suna, a sauke manhajar banki. Matasan da ke wannan aiki a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, da ma kowace rumfar gyaran waya, sun ƙware sosai, kafin ka gama shan lemo sun miƙo maka sabuwar da kayanka a ciki. Sai dai akwai abu guda da ba ya bin sauran kaya, kuma ba gazawar mai gyara ba ce, da gangan aka yi shi don kada ya kwasu. Wannan abu shi ne shaidar da ma'aikatarka take gane ka da ita. Idan aka goge tsohuwar waya kafin a yi wa sabuwar rajista, ma'aikaci zai wayi gari kalmar sirrinsa daidai take, sunansa na nan cikin masu albashi, amma imel ya ƙi buɗuwa, taron bidiyo ya ƙi, takardun aiki sun ƙi, duk a lokaci ɗaya.

Dalilin da ya sa komai ke rufewa tare shi ne tsarin da bankuna da jami'o'i da ƙungiyoyin agaji da manyan kamfanoni suka koma amfani da shi, wanda masu sana'ar ke kira SSO a taƙaice. A da kowace manhajar ofis da kalmar sirrinta. Yanzu wuri ɗaya ne ke tantance mutum, sauran manhajoji su yarda da shaidarsa. Kamar babban gida ne mai ofisoshi da yawa da maigadi guda a bakin ƙofa: idan ya gane ka ko'ina ka shiga, idan ya ce bai san ka ba, ko ɗakin da ka shekara goma kana zama a ciki ba ka isa ba. Kamfanoni da dama ke sayar da wannan hidima, irin su Okta da Google Workspace. Zan tsaya a kan na Microsoft, wato Entra ID, wanda har zuwa 2023 ake kira Azure Active Directory, domin duk ofishin da ke aiki da Outlook da Teams na Microsoft 365 shi ne a bakin ƙofarsa. Sauran ma tafiyarsu kusan ɗaya ce, sunaye ne suka bambanta.

Abin da ya rage a tsohuwar waya

Tuna ranar da ka fara aiki. An ce ka sauke Microsoft Authenticator, aka nuna maka wani zane mai murabba'i a fuskar kwamfuta, ka haska shi da kyamarar wayarka. Mutane da yawa sun ɗauka a ranar sun yi wa kansu rajista ne. Wayar aka yi wa. A lokacin da ka haska zanen, an ƙulla wani sirri tsakanin wannan wayar da kwamfutocin da ke tsaron asusunka, aka adana shi a wani sashe na wayar da ba a kwafarsa kamar yadda ake kwafar hoto.

Da wannan sirri wayar ke yin abu biyu. Na farko, tana fitar da lambobi masu canzawa kowane daƙiƙa 30. Ba aiko mata su ake yi ba, lissafa su take yi daga sirrin da kuma lokacin da agogonta ke nunawa, shi ya sa suke fitowa ko babu data. Na biyu, tana karɓar sanarwar neman amincewa: kwamfuta ta nuna maka lamba mai harufa biyu, ka rubuta ta a waya. Tun watan Mayu na 2023 Microsoft ta tilasta wannan rubuta lamba, bayan an ga cewa ɓarayi kan yi ta turo sanarwa har mutum ya gaji ya danna amincewa don ya huta.

To, idan ka sauke manhajar a sabuwar waya, fanko ce. Ko ka mayar da layinka cikinta ba abin da zai canza, domin sirrin ba a layi yake ba. Kwamfutocin ofis kuwa ba su san ka canza waya ba, suna ta aika sanarwa zuwa tsohuwar, wadda watakila tana cikin gilashin wani shago an goge ta tas. Nan mutane ke faɗawa wani zagaye mai ban haushi: ka buɗe Authenticator a sabuwar waya don ka sa asusun aikinka, sai ta ce ka amince da shigar a cikin Authenticator.

Wani zai ce ai manhajar tana da ajiya. Tana da ita, amma da iyaka biyu. Ajiyar da aka yi a Android ba ta dawowa a iPhone, ta iPhone ma ba ta dawowa a Android. Sannan ko waya iri ɗaya ce, abin da ke dawowa na asusun aiki suna ne kawai, da rubutu a ƙarƙashinsa cewa sai ka sake shiga kafin ya yi aiki. Ganin sunan ma'aikata a cikin manhajar ya yaudari mutane da yawa sun rabu da tsohuwar waya da wuri.

Wace ƙofa ce ta rufe?

"An kulle ni" magana ce da ke ɗauke da matsala uku daban-daban, kuma kowace da maganinta. Wanda ya iya bambance su ya rage wa kansa rabin wahala.

Ta farko kalmar sirri ce. Alamarta ita ce ba ka ma wuce shafin farko ba, an ce kalmar ba daidai ba ce, lambar kuskuren 50126. Canjin waya ba ya taɓa kalmar sirri, sai dai ya tona cewa ka manta ta, tunda tsohuwar wayar ce ke riƙe maka ita shekara da shekaru. Idan ka yi ta gwada kalmomi, a tsarin da Microsoft ta saita tun asali kuskure 10 ne ke sa a rufe asusu na minti ɗaya, kuma lokacin na ƙaruwa idan ka ci gaba. Lambar wannan 50053, ita kaɗai ce kullewa ta gaskiya, kuma sau da yawa haƙuri ke buɗe ta.

Ta biyu ita ce shaida ta biyu, kuma ita ce ta yawancin masu canza waya. An karɓi kalmar sirrinka, shafi ya wuce, sai ka ga `Approve sign in request` da lamba biyu, kana riƙe da wayar da ba abin da ya shigo cikinta. Abin da zan ja kunne a kai a nan shi ne kada ka canza kalmar sirri. Ba ita ce ta lalace ba. Idan ma ka samu hanyar canza ta, za ka iya fitar da kanka daga wuraren da har yanzu suke a buɗe, ka ƙara wa kanka matsala a kan matsala.

Ta uku na'urar ce kanta. Kalmar sirri ta wuce, shaida ta biyu ta wuce, sai a ce wannan waya ko kwamfuta ba ta cikin waɗanda ma'aikata ta yarda da su. Lambarta 53000 idan na'urar ba ta cika sharuɗɗa ba, ko 53003 idan wata doka ta ma'aikata ce ta tare ka, misali ta hana shiga daga wata ƙasa. Wani lokaci lambobin kan zo da haruffan AADSTS a gabansu, abu ɗaya ne.

Daga Asabar zuwa Laraba

Mu ƙaddara wata ma'aikaciyar sashen kuɗi a wata ƙungiya mai ofis a Kano, babban ofishinsu kuma a Abuja. Ranar Asabar ta ba da Tecno ɗinta ta cika kuɗi ta karɓi iPhone na hannu. Mai shago ya goge Tecno a gabanta, kuma daidai ya yi. Litinin ta buɗe kwamfutar ofis komai lafiya, Talata ma haka. Laraba da safe, ana shirin biyan albashi, ta buɗe manhajar kuɗi sai aka nemi amincewa daga waya.

Wannan jinkiri ne ke rikita mutane, har su rantse cewa ba wayar ba ce tunda sun yi kwana biyu suna aiki. Idan ka shiga sau ɗaya, ana ba na'urarka izini na wani wa'adi. A saitin asali na Entra ID wa'adin kan kai kwana 90, amma ma'aikatu na rage shi, musamman a manhajojin kuɗi. Tsohon izini take ci tun Litinin. Ranar da aka nemi sabo, ranar asiri ya tonu.

Kafin ta kira kowa akwai abu biyu da ya kamata ta gwada, duka ba su wuce minti biyar ba. A ƙasan shafin akwai rubutu `I can't use my Microsoft Authenticator app right now`, ko `Sign in another way`. Idan tun farko ta yi rajistar lambar wayarta, kuma ma'aikatar ta yarda da saƙon tes, zaɓin zai bayyana, lamba ta shigo layinta da ke cikin sabuwar waya, shi ke nan ta wuce. Na biyu, idan tana buɗe kwamfutar ofis da yatsa ko fuska ko lambar Windows Hello da ma'aikata ta saita, wannan kansa shaida ce mai ƙarfi, kuma sau da yawa yana isa ya shigar da ita shafin `aka.ms/mysecurityinfo` ta sa sabuwar waya da kanta. A namu misalin babu ko ɗaya. Authenticator kaɗai ta taɓa yi wa rajista.

Sai neman 'yan sashen kwamfuta, masu karɓar koken ma'aikata. Nan ma akwai tarko: a ofisoshi da yawa shafin shigar da koke yana bayan wannan ƙofar da ta rufe, lambar wayar sashen kuma tana cikin imel ɗin da ya ƙi buɗuwa. Mafita ita ce ta duba bayan katin shaidarta na aiki ko takardar da aka manna a jikin kwamfuta, ko ta roƙi abokiyar aiki ta shigar mata da koke, ko shugaban sashenta ya yi hakan. Na fi son na ƙarshen, domin ko ba jima za a nemi shaidarsa.

Yadda aka rubuta koke shi ke yanke tsawon jira. Wanda ya rubuta "imel ɗina ba ya aiki, a taimaka da gaggawa" zai samu amsa bayan awa biyu ana tambayarsa me ya gani, ya amsa, a sake tambaya, rana ta faɗi. Ga irin wanda ake warwarewa a kira ɗaya: "Na canza waya ranar Asabar daga Android zuwa iPhone. An goge tsohuwar, ba ta hannuna, ba sace ta aka yi ba. Layina yana nan. Kalmar sirrina tana wucewa, amma ana neman amincewa daga Authenticator, ba ni da wata hanya ta biyu. Na gwada yau da ƙarfe 9:14 na safe a kwamfutar ofis. Ina buƙatar a sake min rajistar shaida ta biyu. Biyan albashi yana hannuna, ana rufewa ƙarfe 4 na yamma. Ga lambar da za a same ni." Ta haɗa da hoton fuskar kwamfutar.

Kowace jimla a nan da aikinta. Cewa kalmar sirri tana wucewa zai hana a ɓata lokaci ana canza mata ita. Cewa ba sace wayar aka yi ba ya nuna ba sai an tayar da sashen tsaro ba. Lokacin da ta gwada zai ba ma'aikacin damar gano layinta a rajistar shige da fice, inda kowane yunƙuri ke rubuce da dalilin faɗuwarsa. Maganar albashi da ƙarfe 4 kuwa ita ce ke ɗaga koke sama, domin ana jera koke ne bisa yawan mutanen da abin zai shafa da kusancin wa'adi, ba bisa yawan kalmar "gaggawa" ba. Kuma koke ɗaya ya isa. Mai shigar da uku, ya kira, ya tura saƙo ga wani da ya sani a sashen, yakan sa mutum biyu su taɓa asusunsa a lokaci ɗaya, ɗaya ya warware abin da ɗayan ya ɗaura. Ta riƙe lambar tikitin da aka ba ta, duk sanda za ta bi sawu da ita za ta fara magana.

Da aka kira ta, saurayin da ke kan layi bai fara da gyara ba.

"Hajiya, ki yi haƙuri, sai na tabbatar ke ce. Zan kira ki ta bidiyo ki nuna min katin aikinki, sannan zan tuntuɓi ogan sashenku."

"Haba Malam, shekarata nawa a nan? Ai ka san muryata."

"Na sani, ranki ya daɗe. Doka ce, ko shugaban ƙungiya ne haka zan yi masa."

Bayan tantancewa, gyaran kansa gajere ne, kuma hanya biyu ce. Wadda ta fi kyau ita ce ya ba ta Temporary Access Pass, wata kalmar wucin gadi da a saitin asali take da haruffa 8 kuma take mutuwa bayan awa ɗaya. Tana tsaya mata a matsayin kalmar sirri da shaida ta biyu gaba ɗaya. Da ita za ta shiga `aka.ms/mysecurityinfo` a kwamfuta, ta danna `Add sign-in method`, ta zaɓi Authenticator, ta haska sabon zane da iPhone, ta rubuta lambar gwaji. Kuskuren da ake yawan yi a nan shi ne a karɓi kalmar a tafi salla ko taro, a dawo ta mutu, a koma bayan layi. Kada ka nemi a ba ka ita sai kana zaune, waya da caji, manhaja a sauke, data a kunne.

Idan ma'aikatar ba ta kunna wannan tsari ba, zai danna `Require re-register multifactor authentication` a shafinta. Daga nan da zarar ta sa kalmar sirri za a ce ta yi sabuwar rajista. Wannan hanya tana da rauni da ya kamata ma'aikaci ya sani: tsakanin dannawar da rajistar, duk wanda ya san kalmar sirrinta zai iya riga ta ya sa tasa wayar. Don haka ta ce masa ya tsaya a kan layi har ta gama. Ma'aikacin kirki ma shi zai fara faɗin haka.

Da ta gama, sai ta goge tsohuwar Tecno daga jerin da ke shafin, domin ana iyakance mutum ga manhajojin shaida 5, masu yawan canza waya kuma kan cika gurbin ba su sani ba. Sannan ta ƙara hanya ta biyu tun tana ciki. Albashi ya fita kafin azahar.

Ƙofa ta biyu, da rana

Da ƙarfe uku saura ta buɗe Outlook a iPhone don ta ga imel, sai aka sake tare ta. Mutane kan ce gyaran safe bai yi ba, su sake buɗe tsohon koke da faɗa. Ba haka ba ne, wata ƙofar ce daban. Idan ta danna `More details` a ƙasan shafin za ta ga abu kamar haka:

```
Error Code: 53000
Request Id: ...
Correlation Id: ...
Timestamp: 2025-03-12T13:40:22Z
```

Waɗannan layuka huɗu sun fi duk wani dogon bayani amfani ga mai gyara, ta kwafe su yadda suke. Harafin Z na ƙarshe yana nufin agogon duniya na UTC ne, wanda Najeriya da Nijar ke gabansa da awa ɗaya, wato 13:40 ita ce 2:40 ta rana a Kano. Kada kuma ta bari abin ya kwana biyu, domin rajistar shige da fice kwana 7 take ajiye bayani a tsarin kyauta, kwana 30 a na biya.

Lamba 53000 na cewa mun san ke ce, wayar ce ba mu sani ba. Ma'aikatu da yawa ba sa barin imel ɗin aiki ya sauka a wayar da ba a yi wa rajista a Intune ba, ta hanyar manhajar Company Portal. Can ake duba ko wayar na da lambar kulle fuska, ko manhajar da ke tafiyar da ita ba ta tsufa ba, ko ba a fasa tsaronta ba. Wayar hannu na yawan faɗuwa a nan: wata ta tsufa har ta daina karɓar sabuntawa, wata an taɓa yi mata aikin da ya buɗe cikinta. Idan haka ne, ba abin da mai karɓar koke zai iya yi, dokar daga sama take, kuma roƙonsa ɓata lokaci ne. Idan kuwa wayar lafiya take amma rajista ta ƙi, a duba yawan na'urorin da ke kan sunanta, domin iyakar asali a Intune 5 ce, ma'aikata na iya ɗaga ta zuwa 15. Cire tsohuwar waya daga jerin kan buɗe hanya.

Na san abin da ke hana mutane wannan rajista: tsoron kada ofis ya riƙa leƙen wayarsu. Bisa bayanin Microsoft, ma'aikata ba ta ganin hotuna, ko saƙonnin tes, ko tarihin kira, ko shafukan da ka ziyarta, ko kalmomin sirrinka. Tana ganin irin wayar, da lambar jikinta, da sigar manhajar da ke tafiyar da ita. Tambayar da ta dace a yi wa sashen kafin a amince ita ce: idan na bar aiki ko wayar ta ɓata, bayanan ofis kaɗai za ku goge ko wayar duka? Amsar ta dogara da irin rajistar da suka zaɓa, kuma haƙƙinka ne ka ji ta. Wanda bai gamsu ba yana iya barin Authenticator kaɗai a wayarsa, ya riƙa karanta imel a kwamfutar ofis.

Idan kwamfuta aka canza maka ba waya ba, wataƙila a ce ka buɗe Command Prompt ka rubuta wannan:

```
dsregcmd /status
```

Za a tambaye ka abin da ke gaban `AzureAdJoined` da `AzureAdPrt`. Idan na farkon `NO` ne a kwamfutar da ya kamata ta zama ta ofis, ba a gama haɗa ta da tsarin ma'aikata ba, aikin nasu ne ba naka ba.

Akwai ƙananan cikas biyu da ke zuwa bayan an gama komai. Idan lambobin da manhaja ke fitarwa ana ta cewa ba daidai ba ne, duba agogon wayar. Wayar da aka shigo da ita daga waje takan zo da yankin lokaci na wata ƙasa, mai shago ya juya agogo da hannu har ya yi daidai a ido, alhali a lissafi ya kauce da awa guda ko fiye. Mayar da lokaci da yankinsa su riƙa saita kansu. Idan kuma sanarwa ba ta shigowa sai ka buɗe manhajar, tsarin tattalin batir ne ke kashe ta a ɓoye, abin da aka saba gani a wayoyin Android masu tsananta tattalin caji. Cire Authenticator daga cikin waɗanda ake takurawa.

Me ya sa suke yi maka tambayar ƙwaƙwaf

Mutane na jin haushin tantancewar nan, musamman manya. Ni ina bayan ma'aikacin da ya ƙi sassautawa, ga dalili. Labarin da kake ba shi, na canza waya, ina sauri, a sake min rajista, shi ne kalma da kalma labarin da ɓarawo ke bayarwa. A ƙarshen watan Agusta na 2023 kamfanin Okta ya gargaɗi abokan cinikinsa cewa ana kiran masu karɓar koke ana yaudararsu su sake rajistar shaida ta manyan asusai. A watan Satumba na shekarar aka kutsa cikin kamfanin otal-otal na MGM Resorts a Amurka, rahotanni da dama suka ce da kiran waya zuwa sashen taimakon ma'aikata aka fara, maharan sun yi shigar wani ma'aikaci da bayanan da suka tsinta a intanet. Kamfanin da kansa ya ƙiyasta asararsa a kan dala miliyan 100. Sunanka da muƙaminka da sunan oganka ba sirri ba ne, murya ma ana kwaikwayonta. Sashen da ya sake maka rajista da jin murya kawai, gobe zai sake wa wani da sunanka.

Haka nan tantancewar ta shafe su su ma. A kwanakin da kake jiran gyara, idan wani ya kira ya ce daga sashen kwamfuta yake, tambaye shi lambar tikitinka, ko ka katse ka kira lambar da ka sani. Ma'aikacin gaskiya ba ya buƙatar kalmar sirrinka, domin yana da ikon yin gyaran ba tare da ita ba. Ba zai ce ka karanto masa lambar da ta fito a manhaja ba, ba zai karanto maka lamba biyu ya ce ka rubuta a wayarka ba. Wanda ya nemi ɗaya daga cikin ukun nan, shi ke ƙoƙarin shiga asusunka a daidai wannan lokaci.

Idan kuwa ƙwace wayar aka yi ko ta faɗi a adaidaita, lamarin ya sauya. Wannan shi ne abin da za ka fara faɗa, kuma ta kira ba ta rubutu ba, ko da daren Juma'a ne. Za su soke duk izinin da ke buɗe, su cire wayar daga asusunka, su aika umarnin goge bayanan ofis idan tana da rajista. Wasu na ɓoyewa don kunya ko tsoron tuhuma, su ce "na canza waya" kawai, sai a bar imel ɗin ofis a buɗe a hannun wanda ba a sani ba. Ka kuma toshe layin a wurin kamfanin sadarwa, domin matuƙar yana aiki saƙon tes na shaida wurin ɓarawon zai je. Dawo da layi kuwa sai ka je ofishinsu da lambar NIN, abin da kan ɗauki lokaci, don haka ka nemi a ba ka Temporary Access Pass maimakon jiran layin.

Idan tsohuwar tana hannunka

Duk wannan doguwar hanya ta wanda ya riga ya rabu da tsohuwar waya ce. Wanda take hannunsa kusan minti goma ya ishe shi, ba tare da ya kira kowa ba. Ya sauke Authenticator a sabuwar, ya buɗe `aka.ms/mysecurityinfo` a kwamfuta, ya amince da shigar da tsohuwar waya, ya ƙara sabuwar, ya haska zanen. Sannan ya kashe tsohuwar gaba ɗaya, ya buɗe sabon shafi na sirri a burauza, ya gwada shiga imel. Idan sanarwa ta shigo sabuwar waya kuma ya wuce, sai ya goge tsohuwar daga jerin, ya cire ta daga Company Portal idan tana ciki.

Matsalar masu musayar waya a kasuwa ita ce ana so a karɓi tsohuwar nan take. A shafin nan za ka iya shiga ta burauzar wayar ma, amma ya fi sauƙi ka tafi da kwamfutarka, ko ka roƙi mai shago ya bar maka tsohuwar zuwa gobe ka bar masa jingina. Idan duk ba zai yiwu ba, ka gaya wa sashen kwamfuta tun ranar Alhamis cewa za ka canza waya a ƙarshen mako, su tsara maka lokacin sabuwar rajista da safiyar Litinin.

Mai karatu, ko ba ka da niyyar canza waya a bana, buɗe shafin nan yau ka ƙirga hanyoyin da ke kan sunanka. Idan ɗaya ce tak, ƙara ta biyu cikin waɗanda ma'aikatarka ta yarda da su, sannan ka rubuta lambar wayar sashen kwamfuta a takarda ka sa a walat.